Sa'o'in da Ba a Rubuta a Takardar Albashi ba

Tanderun siminti ba ya bin lokacin tashi daga ofis. Wani dogon bututun ƙarfe ne da ke kwance a ɗan karkace, yana juyawa a hankali dare da rana, ana zuba masa niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa da yumɓu ta wannan baki, wuta na ci ta wancan, har zafin abin da ke ciki ya kai kusan digiri 1,450 kafin ya dunƙule ya zama kilinka, wato tsakuwar da ake niƙawa ta koma siminti. Idan aka kashe shi sai an yi kwanaki kafin ya huce, a sake yin wasu kafin ya ɗauki zafi, kuma kowane tsayawa na ba-zata yana cin tubalin da aka shimfiɗa a cikinsa. Saboda haka duk inda aka kafa masana'antar siminti, an kafa aikin karɓa-karɓa tare da ita.

A Kalambaina, da ke ƙaramar hukumar Wamakko a gefen birnin Sakkwato, wannan tsari ya girmi yawancin masu yinsa a yau. An kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Nijeriya a 1962, ya fara aiki a 1967, aka ƙara masa layi na biyu a 1985. Bayan ya koma hannun BUA an buɗe sabon layi mai tan miliyan ɗaya da rabi a shekara a 2018, sannan wani mai tan miliyan uku a 2022. Kewaye da masana'antar kuwa wata kasuwa ce ta tsiro: manyan motoci da direbobinsu da yaransu, masu abinci, makanikai, masu faci, 'yan kabu-kabu, masu POS. A wuri irin wannan, inda kuɗi ke yawo kuma mai albashi ke da rabin yini a hannunsa, tunanin sana'a ta biyu ba ya buƙatar mai kawo shi.

Babu dalilin ganin laifin mai wannan tunani. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka amince da shi a 2019 ya haura dala tamanin a lokacin, amma naira 70,000 ta 2024 ba ta kai dala hamsin ba. A tsakanin biyun an cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 34 cikin ɗari. Injiniya ko akawu ko malamin makaranta da albashinsa ya ninka mafi ƙaranci sau da yawa, shi ma ya ga buhun shinkafa ya tsere masa. Wanda ya ce wa irin wannan mutum ya haƙura da albashi, sai ya faɗa masa kuma wanda zai biya kuɗin makarantar yara.

Abin da ya cancanci a yi gardama a kansa shi ne yadda ake auna sana'ar ta biyu. Ma'aikaci yana auna ta da kuɗin da ta shigo da shi, doka tana auna ta da sunanta, shugaban aiki kuma yakan auna ta da ko ya sani ko bai sani ba. Dukansu sun bar ma'aunin da ya fi muhimmanci, wato abin da sana'ar ke ɗiba daga aikin farko. Wata jikin mutum take ɗiba, wata hankalinsa, wata kuma amanar da aka ba shi, kuma ba su da magani iri ɗaya.

A ɗauki misalin wani ma'aikaci da ke kula da na'ura a kowace masana'anta mai aikin dare, a ce yana yin awa takwas sau shida a mako, ya kuma karɓi Keke Napep bashi yana biya kullum. A takarda lissafin yana fita sarai. Mako yana da awa 168. Aiki ya ɗauki 48, zuwa da dawowa 6, barci na awa bakwai kullum 49, salla da abinci da iyali awa huɗu kullum 28. Saura 37. Idan ya ba keke awa biyar a kwana shida, ya kashe 30, har ma da rarar bakwai. Wannan shi ne lissafin da mutum ke yi a zuci ranar da zai sa hannu a takardar bashin, kuma babu kuskure a cikin tarawarsa.

Kuskuren yana cikin ɗaukar cewa duk awa ɗaya ce da 'yar'uwarta. Fasinja yana da lokacinsa: safiya sa'ad da yara ke tafiya makaranta mata ke tafiya asibiti, da yamma sa'ad da ake tashi kasuwa. A makon da ma'aikacin ke aikin safe, keken zai samu yamma, kuma abin zai tafi daidai gwargwado. A makon dare ne komai ke rikicewa. Ya tashi aiki ƙarfe shida na safe, ya hau keke daga bakwai zuwa sha biyu domin a nan ne cinikin yake, ya kwanta bayan azahar. Barcin rana a Sakkwato cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri arba'in, wuta ta ɗauke, yara sun dawo daga makaranta, ba barci ne da za a lissafa awa bakwai ba. In ya samu uku ko huɗu kafin la'asar ya gode Allah. Kwana shida a haka, bashin barcin da ke kansa ya kai na dare biyu ko uku cur.

Mafi haɗari ma ita ce ranar sauyi, ranar da zai fara aikin dare. Ya tashi da asuba wajen biyar da rabi kamar kowa, kuma da yake yinin nasa ne gaba ɗaya, sai ya ga asara ce ya bar keken a ajiye. Sa'ad da ya karɓi aiki ƙarfe goma na dare ya riga ya yi awa goma sha shida da rabi idonsa biyu. Sa'ad da zai miƙa aikin ƙarfe shida na safe ya haura awa ashirin da huɗu. A 1997 wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun gwada saurin ido da hannu na mutanen da aka hana barci, suka kwatanta da na waɗanda aka ba barasa. Sun samu cewa awa goma sha bakwai ba barci tana rage ƙwazo kamar barasar da ta kai ma'aunin da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi da shi, awa ashirin da huɗu kuma kamar ninkin wannan. Mutumin da bai taɓa kusantar giya ba a rayuwarsa, wanda zai ji an ci mutuncinsa in an kwatanta shi da mashayi, yana iya tsayawa gaban na'ura da ƙarfe huɗu na asuba a cikin hali irin na mashayin, sa'an nan ya fito ya ɗauki 'yan makaranta huɗu a bayan keke.

Gajiya irin wannan tana da mugun hali guda: mai ita ba ya iya auna ta. Yana jin ya saba, alhali sabon da ya yi da jin gajiyar ne kawai, ƙwazon bai dawo ba. Alamominta na waje ne, kuma abokan aiki ne suka fi ganinsu. Mutum ya karanta lamba a allo ya rubuta, bayan minti biyu ya sake dubawa don bai tuna ya karanta ba. Ƙararrawar na'ura ta yi kuka ya kashe ta kafin ya duba dalilin kukan. Ya isa gida bai iya tuna mararrabar da ya wuce ba. Littafin miƙa aiki, wanda dā yake cika shafi, ya koma layi biyu. A tanderun siminti, inda canjin da aka yi wa wuta ko abin da ake zubawa ba ya nuna sakamakonsa sai bayan wani lokaci, jinkirin lura na minti goma yana iya zama kilinka marar kyau ta sa'o'i. A wajen bel mai ɗaukar dutse ko injin niƙa, abin da ake asara hannu ne.

Akwai kuma lissafin da ba ya fitowa sai bayan shekaru. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da haɗarin mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17, in an kwatanta da mai awa 35 zuwa 40. Ma'aikacin wannan misali yana yin 78. Zuciya ba ta tambayar wanda ya biya kuɗin awa ta hamsin da shida.

To me ya samu? A sa lambobi na misali kawai, kowa ya musanya su da nasa. A ce awa biyar ta kawo naira 10,000. Mai ya ci 3,500, kuɗin ƙungiya da na hanya 300, abin da ya kamata a ware don taya da baƙin mai da gyara 1,200, biyan bashin keke 3,000. Saura 2,000, wato naira 400 a kowace awa, ko 52,000 a wata in bai yi fashi ko sau ɗaya ba. Ba kuɗin rainawa ba ne a gidan da ake auna hatsi da kwano. Sai dai yawancin masu wannan sana'a ba sa cire kuɗin gyara, don haka suna ganin 3,200 ce ribar, har ranar da injin ya buga. Kuma babu wanda ke sa a ɗaya gefen sikeli abin da aka jingina: albashi, fansho, kula da lafiya, da ƙarin girma da ake ba wanda aka ga idonsa a buɗe. An ɗora babban abu a kan caca domin ƙarami.

Mai wayo zai ce ai ba sai ya tuƙa da kansa ba, ya ba yaro ya riƙa kawo balas. Gaskiya ne jiki ya huta, amma a nan ne nau'i na biyu ke farawa. Keken da ke hannun wani, ko shagon POS da ƙane ke zaune a ciki, ko injin markaɗe, duka suna da waya. Jami'an hanya sun kama keken, kuɗi sun maƙale a na'ura mai shi yana tsaye yana faɗa, yaron ya ce jiya ba ciniki. Waɗannan kiraye-kiraye ba sa jiran a tashi aiki, kuma ko ba a ɗauka ba sun riga sun shiga kai. Wannan nau'i ya fi addabar masu aikin ofis, malamai da akawoyi da jami'an asibiti, waɗanda jikinsu ke kan kujera hankalinsu na kasuwa. Taura biyu ba ta taunuwa, in ji Hausawa, amma a nan ba wanda ke ganin ta biyun a baki. Abin da ake gani shi ne fayil da ya kwana uku a tebur, da darasin da aka shiga ba shiri. Ana iya rage wannan da tsari, kamar sa wani amintacce ya yanke ƙananan shawarwari da ware lokaci guda a yini don lissafi, kuma sana'ar da ba za ta iya rayuwa awa takwas ba tare da jin muryar mai ita ba, ba ta dace da mai albashi ba.

Nau'i na uku ba ya gajiyar da kowa, shi ya sa ya fi jan hankali. Wanda ke aiki a masana'antar siminti ya fi kowa sanin siminti, don haka sana'ar da ta fi kusa da hannunsa ita ce sayar da shi, ko buga bulo, ko sa mota a jigila, ko kafa ɗan kamfani da sunan ɗan'uwa ya nemi kwangilar kawo kaya. Haka ma'aikacin asibiti da kantin magani, haka malami da darasin kuɗi ga ɗaliban ajinsa. Ba sai mutum ya saci komai ba. Ya isa ya san farashi zai tashi mako mai zuwa, ko ya zama shi ne mai tsara layin motoci kuma tasa na cikin layin, ko mai duba ingancin kayan da kamfanin ƙanensa ya kawo. Ko ya yi adalci ɗari bisa ɗari, ya sa kansa a matsayin da ba mai iya tabbatar da adalcin, har shi kansa.

Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta duba irin wannan a 1946, a shari'ar Hivac da Park Royal. Wasu ƙwararrun ma'aikatan kamfanin da ke ƙera ƙananan kayan na'urar ƙara ji sun riƙa yi wa kamfanin da ke gogayya da shi aiki a ranakun Lahadi. Lokacinsu ne, kuma ba a nuna sun fitar da wani sirri ba. Duk da haka kotu ta hana, bisa hujjar cewa a cikin kowace yarjejeniyar aiki akwai alkawarin riƙon amana ko ba a rubuta ba, kuma lokacin hutu bai ba ma'aikaci damar cutar da mai aikinsa ba. Ta kuma yi taka-tsantsan, ta nuna cewa ba a son tauye ɗan ƙwadago daga neman ƙari a lokacinsa in babu cutarwa. Malaman fiƙihu sun daɗe da irin wannan rarrabewa, tsakanin ɗan ƙwadagon da aka ɗauka don lokacinsa, wanda sa'o'in da aka yi yarjejeniya a kansu na mai biya ne, da mai sana'a kamar tela ko marini da ke karɓar aikin kowa ana biyansa kan abin da ya gama. Mai albashi yana cikin kashi na farko. Matsalar wannan zamani ita ce mutum ɗaya yana so ya zama na farko da safe, na biyu da yamma, wayar hannu kuma ta rushe katangar da ke tsakani.

Dokar Nijeriya ta bi wata hanya dabam game da ma'aikatan gwamnati. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana jami'in gwamnati mai cikakken aiki shiga gudanar da kowane kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kai, ya keɓe noma kaɗai. Niyyar a fili take, kuma keɓe noman ya dace da ƙasar da kusan kowane ma'aikaci ɗan manomi ne. Amma a auna ta da fadamar Rima. Malamin da ke noman albasa ko shinkafar rani yana ban-ruwa da injin duk bayan 'yan kwanaki, yana bin 'yan ƙwadago, yana neman taki, lokacin girbi kuma sai ya ɓace mako guda, kuma doka ba ta ga laifinsa ba. Abokin aikinsa da ke da teburin kayan masarufi a ƙofar gida, wanda ba ya cin masa ko awa ɗaya ta aiki, shi ne mai karya doka in har yana gudanar da shi. Jami'in ma'aikatar gona da ke raba taki kuma yana da gona, ya shiga nau'i na uku ta ƙofar da aka buɗe masa. Dokar ta tambayi sunan sana'a, ba ta tambayi abin da take ci ba. Sakamakon haramcin da kowa ya san ba a binsa shi ne ɓoyewa: shago da sunan mata, kamfani da sunan ƙane, shugaba ya kau da kai domin shi ma yana da nasa. Abin da aka ɓoye kuwa ba a iya tsara shi, kuma yakan zama makami a hannun wanda ke neman ma'aikaci da sharri.

Hanyar da ta fi dacewa, a gwamnati da kamfanoni, ita ce a mai da bayyanawa wajibi, haramci kuma ya taƙaita ga inda cutar take. Ma'aikaci ya rubuta abin da yake yi da sa'o'in da yake ba shi, da tabbacin cewa faɗar gaskiya ba za ta zama dalilin kora ba. Duk sana'ar da ke saye ko sayarwa da wurin aikinsa, ko take amfana da abin da ya sani saboda kujerarsa, a hana ta ko a ɗauke shi daga kujerar. Ga masu aikin da kuskurensu ke taɓa rai, masu na'ura da direbobi da ma'aikatan jinya, a haɗa sa'o'in aikin biyu a lissafa tare. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi hutun yini guda a cikin bakwai, Tarayyar Turai kuma ta wajabta hutun awa goma sha ɗaya a jere a kowane yini, amma hutun da aka ba mutum ya kai shi tashar keke bai cika manufarsa ba. Sa'o'in barcin mai aikin dare wani ɓangare ne na aikin, ko da ba a rubuta su a takardar albashi ba.

Wannan magana tana da nauyi a kan mai ɗaukar aiki fiye da yadda zai so. In barcin ma'aikaci na cikin abin da ake buƙata daga gare shi, to ana sayen fiye da awa takwas, kuma dole farashin ya nuna haka. Ba a ce wa mutum ya ajiye keke a ranar sauyi a bar shi da giɓin naira 2,000 da bashin 3,000 da ba ya jira. Alawus na dare da ke da ma'ana, jadawalin da aka sani tun wata guda kafin lokaci, juyin da ke tafiya daga safe zuwa yamma zuwa dare maimakon akasin haka domin jiki ya fi jure jinkirta barci a kan gaggauta shi, motar da ke mai da ma'aikata gida bayan aikin dare, waɗannan su ne kuɗin cikakkiyar biyayya. Wanda bai biya su ba yana samun rabin mutum, yana kuma mamaki.

Akwai hujja guda mai ƙarfi da ta rage a hannun masu sana'a biyu, kuma ba a kawar da ita da lissafin barci. Aikin albashi yana ƙarewa, wani lokaci ba sanarwa. Masana'antar Kalambaina kanta ta sauya hannu fiye da sau ɗaya tun da gwamnati ta sayar da kasonta a 2000, masaƙun Kaduna da Kano kuwa sun rufe sun bar dubban mutane da ƙwarewar da ba mai saye. Wanda ya ga mahaifinsa yana bin layin fansho ba zai yarda ya rataya rayuwarsa a ƙusa ɗaya ba, kuma yana da gaskiya. Sai dai in manufar ita ce tanadin ranar da albashi zai yanke, to keken da mutum ke tuƙawa da kansa bai amsa ta ba, domin ranar da jiki ya gaza, aikin da keken tare za su tsaya. Abin da ke amsa ta shi ne dukiyar da ke aiki mai ita na barci: tumakin kiwo da ake sayarwa gab da babbar salla, gonar da aka ba wani bisa rabon amfani, hatsin da aka saya da kaka aka ajiye zuwa bazara, hannun jari a ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata. Ribarsu ba ta zuwa kullum da yamma kamar kuɗin fasinja, wani lokaci ma akan yi asara, kuma suna buƙatar jarin da ake tarawa a hankali. Ma'aikacin misalin nan, in ya gama biyan bashin keke, naira 3,000 da yake miƙawa kullum za ta dawo hannunsa, kusan 78,000 a wata. A ranar ne zai zaɓa ko ya miƙa makullin ga direba ya sayi tumaki, ko ya karɓi keke na biyu.